Takardar korar mai kula da sito: ku duba mini kafin mai gida ya sa hannu

Sakatare_Zango:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina aiki a wani kamfanin sayar da kayan abinci da sari a nan Damagaram. Mai kula da sitonmu ya shekara 7 da mu, albashinsa jika 90 a wata. Ranar 3 ga Maris aka yi ƙidaya, aka ga buhu 32 na shinkafa babu su. Mai gida ya ce in rubuta takardar kora, ta laifi mai nauyi, ya sa hannu gobe. Ga abin da na tsara, a taƙaice:

"An kore ka daga yau saboda laifi mai nauyi, wato sata da cin amana. Ba ka da wani haƙƙi a kan kamfani. Ka maido duk kayan kamfani da ke hannunka, in ba haka ba ba za a ba ka albashinka da takardar shaidar aikinka ba."

Ya isa haka, ko akwai abin da ya kamata in ƙara? Kuma wani ya ce mini dole in rubuta masa inda zai kai ƙara. Gaskiya ne?

Ɗan_Birni:
Ya isa mana. Ɓarawo kuma har wata doguwar takarda ake yi masa? Ku karɓe lakile ku sallame shi.

Maman_Hadiza:
Kai Ɗan_Birni, a ina ka ga ya sata? An ce an ga giɓi a ƙidaya. Mutum nawa ke shiga siton nan? Ƴan dako, direbobi, ɗan mai gida ma wata ƙila. Shekara 7 fa.

Malam_Ilia_Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada a sa hannu a wannan gobe. Na daɗe ina kula da sha'anin ma'aikata kafin in ajiye aiki, kuma irin wannan takarda ce ke sa mai gida ya biya kuɗin da ya fi na shinkafar da ta ɓata.

Tambaya ta farko: an ba shi dama ya kare kansa a rubuce? Dokar ƙwadago ta ƙasarmu, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ce kafin a kori mutum saboda halinsa, sai an ba shi damar yin bayani a kan abin da ake zarginsa. Abin da aka saba shi ne a miƙa masa takardar neman bayani, a zayyana masa abin da aka gani, a ba shi kamar kwana biyu ya amsa, ya sa hannu cewa ya karɓa. Amsarsa a ajiye ta, ko mai daɗi ce ko marar daɗi.

Ta biyu: "sata da cin amana" ba dalili ba ne, suna ne kuka ba abin. Dalili shi ne wace rana, wane kaya, nawa, wace takarda ta nuna, me ya ce da aka tambaye shi. Kuma ku sani, ba mai gida ke yanke cewa laifi mai nauyi ne ba. Shi faɗa yake yi. In magana ta kai kotu, alƙali ne zai auna nauyin laifin, kuma abin da zai fara karantawa shi ne wannan takarda taku.

Amsa mini ta farkon tukuna.

Sakatare_Zango:
Baba Ilia, na gode. A rubuce dai ba a tambaye shi ba. Mai gida ya kira shi ofis ya yi masa faɗa, ya ce bai san yadda aka yi ba. Sai ranar 5 ga wata aka ba shi takardar dakatarwa ta kwana 8 babu albashi. Ya dawo ranar 13.

Malam_Ilia_Ritaya:
To fa. Me takardar dakatarwar ta ce, kalma da kalma?

Sakatare_Zango:
"An dakatar da kai kwana 8 babu albashi saboda giɓin buhu 32 na shinkafa da aka samu a sito."

Abdu_Sandika:
Shi ke nan, kun riga kun hukunta shi. Ba a hukunta ma'aikaci sau biyu a kan laifi ɗaya. Da kun rubuta cewa an dakatar da shi ne kafin a gama bincike a yanke shawara, da wata magana ce. Amma kun sa adadin kwanaki, kun cire albashi, kun faɗi laifin, ya yi kwanakinsa ya dawo. Wannan horo ne cikakke. Ku kore shi a kan giɓin nan ku gani, mu a ƙungiyar ƙwadago irin wannan muke nema.

Ɗan_Birni:
Wato mutum ya kwashe dukiyarka, doka ta ce ka ci gaba da ba shi albashi? Allah ya kyauta.

Hajiya_Kantabil:
Sakatare, ni abin da ban gane ba: in an dakatar da shi ya dawo ranar 13, me ya faru tsakanin 13 da yau da mai gida ya koma maganar kora? Haka kawai zuciya ta sake tashi?

Sakatare_Zango:
Hajiya, akwai abin da ya faru. Ranar 14 muka kira wani abokin cinikinmu na Miriya a kan bashinsa. A littafi akwai bon biyu na fitar da kaya da sunansa, ɗaya na 11 ga Fabrairu buhu 20, ɗaya na 24 ga Fabrairu buhu 15. Ya rantse bai karɓi ko buhu ɗaya ba a watan, kuma sa hannun da ke wurin mai karɓa ba nasa ba ne. Rubutun bon ɗin duka na mai sito ne, da hatimin sito.

Hajiya_Kantabil:
Ka ga, wannan ce maganar, kuma ba ka sa ta a takardarka ba ko da kalma ɗaya. Lura da kyau: buhu 35 ɗin nan ba su ne 32 na ƙidaya ba. Su 35 an riga an fitar da su a littafi, shi ya sa ƙidayar 3 ga Maris ba ta nuna su ba. Abu biyu ne daban. Kada ka haɗa su a jimla ɗaya, don in ka haɗa za ka ba shi damar cewa duk abu guda ne kuma an riga an hore shi a kai.

Malam_Ilia_Ritaya:
Hajiya ta riga ni. Abdu yana da gaskiya a kan buhu 32, wannan ƙofa kusan ta rufe. Amma bon biyun nan sabon abu ne da kamfani bai sani ba lokacin da ya yi dakatarwar, kuma shi ne ya fi kama da laifi mai nauyi. Giɓi a ƙidaya yana iya zama sakaci. Rubuta takardar ƙarya da sunan abokin ciniki ba sakaci ba ne, in ya tabbata.

Don haka gobe abin da za a sa wa hannu takardar neman bayani ce a kan bon biyun, da lambobinsu da ranakunsu. Ku samo shaidar mutumin Miriya a rubuce da sa hannunsa, kada ku tsaya kan maganar tarho. Ku duba kuma wace mota ta fita da kayan a ranakun, waye direba, mai gadi ya rubuta ko bai rubuta ba. Yana yiwuwa mai sito ya ce direba ne ya kawo masa umarni ta baki ya fitar, kuma direban ne ya dawo da bon da sa hannu. In haka ta kasance, labari ya sake.

In amsarsa ba ta gamsar ba, to sashen dalili na takardar kora zai yi kama da haka: ranar 14 ga Maris kamfani ya gano bon lamba kaza na 11 ga Fabrairu da lamba kaza na 24 ga Fabrairu, waɗanda ka rubuta ka buga wa hatimi, suna nuna an ba abokin ciniki wane buhu 35, ya shaida a rubuce bai karɓa ba, an nemi bayaninka ranar kaza, ka amsa ranar kaza cewa kaza, wannan amsa ba ta bayyana inda kayan suka tafi ba, saboda haka an kawo ƙarshen aikinka daga ranar kaza, bisa laifi mai nauyi, babu wa'adin sanarwa. Dakatarwar baya kuna iya ambatonta a layi ɗaya a matsayin abin da ya taɓa faruwa, amma kada ta zama ginshiƙin korar.

Kalmar "sata" ku cire ta. Abin da ya faru ku rubuta, shi zai yi magana.

Sani_Kabukabu:
Ni dai na san sai an kai mutum wajen ƴan sanda kotu ta same shi da laifi sannan a iya korarsa da laifi mai nauyi. Haka aka yi wa maƙwabcinmu a Garin Malam.

Abdu_Sandika:
A'a Sani, ba sharaɗi ba ne. Ƙarar laifi hanya ce daban, kora hanya ce daban. Inda kake da ɗan gaskiya shi ne in mai gida ya rubuta "sata" kawai, ya kai ƙara, kotu ta wanke mutumin, to korar ta rasa abin tsayawa.

Zara_Tanut:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni wata ƙungiya mai zaman kanta na yi wa aiki, kwangilar shekara ɗaya, da ta ƙare ba su sabunta ba, ba su kuma ba ni kuɗin sallama ba. Wannan ma kora ce?

Hajiya_Kantabil:
Zara ƙanwata, taki daban ce, kwangila ce mai wa'adi ta kai ƙarshenta. Buɗe mata zance nata da kanta, ki kawo abin da kwangilar ta ce, za mu duba. In muka haɗa a nan Sakatare zai rikice.

Bari in koma kan layin nan na "ba ka da wani haƙƙi", don shi ya fi ba ni haushi. Ba gaskiya ba ne, ko da laifin ya tabbata ɗari bisa ɗari. Laifi mai nauyi abu biyu yake cire wa ma'aikaci: kuɗin wa'adin sanarwa da kuɗin sallama. Abin da ya riga ya yi wa aiki nasa ne.

Mu yi lissafi. A ce korar ta faɗa ranar 20 ga Maris. Jika 90 a wata, wato jika 3 a rana. Kwana 20 a cire 8 na dakatarwa, saura 12, jika 36 ke nan. Sai hutu: ma'aikaci yana tara kwana biyu da rabi kowane wata. Sakatare, yaushe rabonsa da hutu?

Sakatare_Zango:
Wata 8 ke nan da dawowarsa daga hutun ƙarshe.

Hajiya_Kantabil:
To kwana 20 ya tara, jika 60. Jimla jika 96 za ku ba shi, kafin a cire abin da doka ta ce a cire kamar kason CNSS, wato asusun fansho na ma'aikata. Da takardar albashi, da takardar shaidar aiki.

Yanzu ka nuna wa mai gida ɗaya gefen. In kotu ta ce laifin bai kai mai nauyi ba, sai ya biya wa'adin sanarwa na wata ɗaya, jika 90, tunda mai albashin wata ne. Sai kuɗin sallama, in an bi lissafin da yarjejeniyar gama-gari ta 1972 ta tsara a da: kashi 20 cikin ɗari na albashin wata a kowace shekara ta biyar ɗin farko, kashi 30 daga ta shida zuwa ta goma. Shekara biyar sau jika 18, jika 90. Shekara biyu sau jika 27, jika 54. Sallama jika 144, da sanarwa jika 234. In kuma kotu ta ce korar gaba ɗaya ba ta da hujja, akwai diyya a kai, wadda alƙali ke ƙayyadewa. Jiran kwana uku a yi abu daidai ya fi sauƙi.

Ɗan_Birni:
Hajiya, buhu 67 fa suka tafi. A ba shi jika 96 kuma? A riƙe su a rage asara mana.

Malam_Ilia_Ritaya:
Ɗan_Birni, mai gida ba ya zama alƙalin kansa. Doka ta hana cin ma'aikaci tara, kuma ba a taɓa albashi don biyan bashi sai ta hanyar da aka tsara: ko kotu ta ba da umarni, ko ma'aikacin ya yarda da kansa a gaban hukuma. In kamfani na son kuɗin shinkafarsa, ya nema ta kotu. Takardar shaidar aiki kuwa dole ce lokacin tafiya, kuma abin da ke cikinta ranar shiga, ranar fita da aikin da ya riƙe. Ba a rubuta dalilin kora a ciki, ba a kuma yin garkuwa da ita.

Umma_Sabongari:
Wannan ta garkuwa da takarda ni ta taɓa ci na. Wani shago da na yi wa aiki suka riƙe tawa wai sai na kawo rigar aiki guda biyu da suka tsufa tun tuni. Na samu wani aiki aka ce in kawo shaida, babu. Sai da sufeton ƙwadago ya kira su sannan suka bayar. Sakatare, don Allah kada ku yi wa bawan Allah haka, ko me ya yi.

Sakatare_Zango:
Na ji. To ya zan rubuta maganar kayan? Abin da ke hannunsa: moto na kamfani, tarho da layinsa, lakilen ƙaramin sito, hatimi, da littafin bon guda biyu.

Hajiya_Kantabil:
Kamar yadda ka lissafa mana, haka za ka lissafa masa, ɗaya bayan ɗaya. "Duk kayan kamfani" ba ya nufin komai, gobe sai a yi ta gardama. Moto da lambarsa da takardunsa, tarho da lambar layin, lakile guda nawa, littattafan bon daga lamba kaza zuwa kaza. Ka sa rana da sa'a da wurin da zai kawo, da wanda zai karɓa. Ranar miƙawa a yi takarda kwafi biyu, a rubuta halin da kowane abu yake ciki, ku sa hannu ku biyu, ya tafi da ɗaya.

Amma tsaya. Hatimi da littafin bon har yanzu suna hannunsa? Mutumin da kuke zargi da bon na ƙarya? Waɗannan ba sa jiran takardar kora. Kayan aiki ne, gobe da safe a karɓe su a gaban shaida, a rubuta lambar bon na ƙarshe da aka yi amfani da shi. Kwaɗon ƙaramin sito kuma a canza. Layin tarhon, abokan ciniki da shi suka san ku, kada a manta a sanar da su.

Sakatare_Zango:
Moton akwai ƴar matsala. Mai gida ya ce masa in ya biya rabin kuɗin zai zama nasa, ana cire masa jika 10 duk wata, an yi wata 14. Babu takarda, amma cirewar tana cikin takardar albashi. Takardun moton da sunan kamfani.

Abdu_Sandika:
To jika 140 nasa na cikin moton nan. Ba za ku karɓe moto ku haɗiye kuɗin ba.

Sani_Kabukabu:
Ai wanda sunansa ke kan takarda shi ke da moto. Sauran magana ce. Wata 14 yana hawa, ya ci kuɗinsa.

Maman_Hadiza:
Aikin kamfani yake yi da shi ai, ba kabu-kabu ba.

Malam_Ilia_Ritaya:
Wannan kada ku warware ta a cikin takardar kora. Ku sa moton a jerin kayan da zai maido tunda da sunan kamfani yake, ku ƙara layi cewa kuɗin da aka cire masa dominsa za a daidaita su a rubuce daban. Ni da ni ne mai gida, da na mayar masa da jika 140 ɗin na huta, ko a zauna gaban sufeto a daidaita. Cire kuɗi wata 14 babu yarjejeniya a rubuce ba abin da kamfani zai so a tona ba ne.

Nura_Kano:
Ina bin ku daga Kano. Ba wanda ya amsa tambayarsa ta biyu. A inda nake aiki, takardar kora tana cewa kana da kwana kaza ka ɗaukaka ƙara wajen wani babba a cikin kamfanin wanda ba shi ya yanke hukuncin ba. Ku ba ku yin haka?

Abdu_Sandika:
Nura, a kamfanin Sakatare babban da ya fi mai gida waye? Shi ya yi faɗa, shi ya dakatar, shi zai kora. Wajen wa za a ɗaukaka? Wannan sai manyan kamfanoni da ƙungiyoyi da suka rubuta shi a dokokin cikin gidansu. In an rubuta, dole a bi a kuma faɗa a takardar. In babu, hanyar ma'aikaci ita ce ofishin sufeton ƙwadago na Damagaram don sulhu, in ba a daidaita ba kotun ƙwadago, kuma shigar da ƙarar kyauta ne. Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba, kotun ɗaukaka ƙara tana nan cikin gari.

Ɗan_Birni:
Yanzu da hannunka za ka rubuta masa hanyar da zai kai ka ƙara? Wannan kam ban taɓa ji ba.

Malam_Ilia_Ritaya:
Ko an rubuta ko ba a rubuta ba, haƙƙin yana nan, kuma kafin la'asar wani zai nuna masa ofishin. Ni ina sa layin kullum: kana da damar kai wannan magana gaban sufeton ƙwadago ko kotun ƙwadago. Yana nuna ba a ɓoye komai ba. Abin da ba a so shi ne ku ƙirƙiro masa wa'adi, kamar "in ba ka yi magana cikin kwana bakwai ba ka rasa haƙƙinka". Kamfani ba shi da ikon rufe wa mutum ƙofar kotu. Haka ma in ya sa hannu cewa ya karɓi duk kuɗinsa, wannan ba ya hana shi neman abin da yake ganin an rage masa.

Shawarar Nura ba ta da laifi ko a ƙaramin wuri. Ana iya cewa yana da kwana 8 ya kawo wata hujja a rubuce a sake dubawa. Sai dai in kun rubuta, ku shirya karantawa da amsawa.

Abdu_Sandika:
Nan ban bi ka ba, Baba. Ɗan sake dubawar nan wajen mutumin da ya kore ka ɓata lokaci ne, yana sa ma'aikaci ya zauna jira maimakon ya tafi wajen sufeto. In za a ji shi, a ji shi kafin kora.

Sakatare, abu ɗaya da ba a tambaya ba: ba wakilin ma'aikata ba ne ko? In shi ne, duk abin da aka faɗa a sama bai isa ba, sai sufeton ƙwadago ya ba da izini kafin a kore shi.

Sakatare_Zango:
Ba wakili ba ne. In ya ƙi karɓar takardar fa? Ranar dakatarwa ma da ƙyar ya sa hannu.

Hajiya_Kantabil:
Ka bayyana masa cewa sa hannun shaidar karɓa ce kawai, ba amincewa da laifi ba, ka ma rubuta haka a ƙasan kwafin. Yawanci wannan ke tsorata su. In ya ƙi duk da haka, a samu shaidu biyu su rubuta cewa an miƙa ya ƙi, ko ku biya wisiye, wato jami'in shari'a mai kai takardu, ya kai masa har gida. Kada ku tura hoto ta waya ku ce an sanar.

Maman_Hadiza:
Kuma in bai iya karatu sosai ba a karanta masa da Hausa. Ni har yanzu direban nan nake tunani. Waye ya kai kayan Miriya a ranakun biyu?

Sakatare_Zango:
Na duba littafin mai gadi yanzu. Ranar 11 akwai fitar mota, direba ɗaya ne da ke zuwa Miriya kullum. Ranar 24 babu abin da aka rubuta ko kaɗan. Na kira mai gida, ya yarda a fara da takardar neman bayani gobe, amma maganar jika 140 ya ce sai ya yi tunani.

Malam_Ilia_Ritaya:
To direban ma a ba shi tasa takardar neman bayani a kan ranar 11, a rana ɗaya da mai sito, kuma kowa ya rubuta amsarsa shi kaɗai. Mai gadin kuma a tambaye shi ko yana bakin aiki ranar 24.

Sani_Kabukabu:
In direban ne ya sayar a hanya fa, kwana 8 da aka cire wa mai sito za a mayar masa?

Abdu_Sandika:
Waccan a kan buhu 32 ce, Sani, koma sama ka karanta abin da Hajiya ta rubuta. Sakatare, kawo mana amsoshin biyu in sun shigo, ka rufe sunaye.